Ƙurajen Yara Masu Ɓawo Kalar Zuma: Kurakuran da Ke Sa Su Zagaye Gida

Ƙurajen da likitoci ke kira imfetaigo sun fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 5, kuma sun fi fitowa a ƙasan hanci, gefen baki, hannuwa da ƙafafu. Suna farawa da ɗan jan tabo ko ƙaramin ƙurji mai ruwa, ya fashe, ruwan ya bushe ya bar ɓawo rawaya-rawaya kamar busasshiyar zuma. Ƙwayoyin cuta iri biyu ne ke kawo su, istafilokokus da istireftokokus, kuma suna shiga ne ta inda fata ta riga ta samu kafa: cizon sauro da aka sosa, ƙurajen zafi, ƙazuwa, ko fatar hanci da majina ta dame. Ciwon ba mai wuyar magani ba ne. Abin da ke sa ya yi wata da watanni a gida guda shi ne wasu kurakurai da ake maimaitawa da kyakkyawar niyya.

Babba daga ciki shi ne ganin ɓawon a ce ciwo ya kama hanyar warkewa. A sauran raunuka haka ne, amma a nan ƙwayoyin cutar suna ƙarƙashin ɓawon, ruwa kuma yana ci gaba da tsattsafowa ta gefensa. Uwa ta ga ya bushe ta saki jiki, yaro ya sa farce ya ɓamɓare, ya taɓa kumatu, ya taɓa ƙaninsa, bayan 'yan kwanaki sabon wuri ya ɓullo. Wata kuma takan shafa magani a saman ɓawon, maganin bai taɓa fata ba balle ya yi aiki. Gyaran shi ne a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi da sabulu, a ɗora a wurin na 'yan mintuna har ɓawon ya yi laushi, a share shi a hankali ba tare da kankarewa har jini ya fito ba, a tsane wurin, sannan a shafa maganin. Tsumman nan ba ya komawa jikin kowa sai an wanke shi da ruwan zafi, mai wankin kuma ta wanke hannunta da sabulu kafin ta fara da bayan ta gama.

Sai zaɓin magani, kuma a nan ne abin ya fi damuna. Ana zuwa kemis a ce "a ba ni maganin ƙuraje", a dawo da man nan mai haɗin magani uku da ake shafa wa kowane irin ƙaiƙayi. Yawancinsu suna ɗauke da sitiroyid, wanda ke kwantar da ja da ƙaiƙayi na kwana biyu, amma yana rage ƙarfin fata wajen yaƙar ƙwayoyin cutar, ciwon ya ƙara faɗi a ɓoye. Wasu suna fasa kafso su barbaɗa garin a kan ƙurjin, wasu su sa man goge baki, toka ko baƙin mai. Duk waɗannan ba sa kashe cutar yadda ya kamata, wasunsu ma ƙona fatar yaro suke yi. Idan ƙurajen 'yan kaɗan ne a wuri guda, abin da ma'aikatan lafiya suka saba rubutawa shi ne man mufirosin ko na fusidik asid, a shafa sau 3 a rana har kwana 5, wani lokaci zuwa 7. Idan sun yi yawa, ko sun bazu a wurare daban-daban, ko yara da dama sun kamu a gida ɗaya, to maganin sha ake buƙata, irin su kuloksasilin ko sefaleksin, kuma ma'aikacin lafiya ne zai auna shi daidai da nauyin yaron. Ragowar sirof ɗin da yayansa ya sha wancan watan ba ya cikin lissafi. Kada kuma a tsaya a kwana na uku don wuri ya yi kyau. A cika kwanakin da aka faɗa.

Mu ɗauki gida mai yara huɗu. Ɗan shekara uku ne ya fara, da ƙuraje uku a ƙasan hanci. An samo maganin da ya dace, ana shafawa, amma bayan mako guda yayarsa ta fito da su a haɓa. Idan aka bi sawu, za a tarar soson wanka ɗaya ne ake cuɗa su duka da shi, tawul ɗaya ko zanen uwa ne ake goge su, kuma kwalbar basilin ɗaya ce kowa ke tsoma yatsa bayan wanka. Kwalbar nan ita aka fi mantawa da ita: an shafa wa mai ciwo a fuska, an mayar da yatsan ciki, an ɗebo wa na gaba. Gyaran ba ya cin kuɗi sosai. A ware wa mai ciwon sosonsa da tawul ɗinsa, a ɗebar masa mai a wani murfi daban da cokali, a yi masa wanka a ƙarshe. A yanke masa farce gajere. Rigarsa, zanen gado da rigar matashi a wanke su da ruwan zafi da omo, a shanya su a rana sosai, a goge idan da hali. Ƙurajen da ke hannu ko ƙafa a rufe su da bandeji mara matsi ko riga mai dogon hannu. Idan akwai su a kai, a dakata da zuwa wurin mai aski. Makarantar boko da Islamiyya kuwa, a bar shi a gida har awa 48 bayan fara magani. In ba a sa magani ba, yana iya yaɗawa har sai ƙurajen sun bushe sun warke gaba ɗaya.

Idan an yi duk wannan amma abin ya tafi ya dawo, a duba ko ƙazuwa ce a ƙasa. Alamarta ƙaiƙayi mai tsanani da dare, ƙananan ƙuraje a tsakanin yatsu, wuyan hannu, cibiya da ɗuwawu, kuma manya ma a gidan suna susa. Muddin ana susa, fata za ta ci gaba da buɗewa. Maganin ƙazuwa, fametirin ko benzil benzowet, kowa da kowa a gidan ake yi wa a rana ɗaya, har wanda bai fara ƙaiƙayi ba.

Akwai lokutan da ba a jira. Jariri sabon haihuwa da ya fito da manyan ƙuraje masu ruwa, asibiti za a kai shi a ranar, kuma tun farko kada a bar mai ciwon ya riƙa sumbatarsa ko kwanciya a shimfiɗarsa. Haka yaron da ya yi zazzaɓi, ko jan ya bazu ya kumbura yana zafi, ko ƙurjin ya zurfafa ya zama gyambo, ko an kwana 3 ana magani ba wani sauƙi.

Kuskure na ƙarshe shi ne rufe zancen da zarar fata ta warke. Irin da istireftokokus ke kawowa yakan taɓa ƙoda a wasu yara kaɗan, kuma hakan yana bayyana ne makonni bayan ƙurajen, har zuwa mako 6. A sa ido a kan kumburin fuska, musamman fatar ido da safe, kumburin ƙafa, raguwar fitsari, ko fitsari ya yi duhu ja-ja. In an ga ɗaya daga ciki, a je asibiti a auna fitsari da hawan jini, a kuma gaya wa likita cewa yaron ya yi ƙuraje kwanan baya, ko da tabonsu ya ɓace.