Kurakuran VQE: lamba mafi ƙanƙanta ba ita ce amsa ba

Na gaji da ganin sabbin shiga suna murna wai VQE ɗinsu, hanyar neman mafi ƙarancin kuzarin ƙwayar sinadari da kwamfutar kwantum, ya sauka ƙasa da amsar gaskiya. Ƙa'idar da aka gina hanyar a kai ta ce kuzarin da da'ira ta bayar ba ya taɓa yin ƙasa da mafi ƙarancin kuzarin da ake nema. In ka gan shi a ƙasa, akwai abin da ya lalace.

Mu ɗauki ƙwayar H2 a tazarar 0.735 Å da ƙaramin tushen lissafi na STO-3G. Amsar ita ce -1.137 Ha, wato Hartree, ma'aunin kuzari; kiyasin farko na Hartree-Fock kuma yana ba da -1.117. Wahalar duka a kan 20 mHa ɗin nan ake shan ta, kuskuren da masana sinadarai ke yafewa kuwa 1.6 mHa ne kacal.

Kuskuren da ya ci min makonni shi ne na bi jerin lambobin da mai gyara sigogin da'ira ya samu, na tsinci mafi ƙanƙanta, na kira ta sakamako. Kowace lamba a jerin kiyasi ce daga awo. A siffar H2 mai kiyubit biyu, ɓangaren XX na lissafin kuzarin yana da nauyin kusan 0.18. Auna shi sau 1,000, rawar da zai jawo shi kaɗai ta kusa 6 mHa, wato 0.18 a raba da √1000. To in ka zaɓi mafi ƙanƙanta cikin lambobi ɗari biyu masu rawa haka, me ka zaɓa? Sa'a ka zaɓa, ba sigogi masu kyau ba! Ni yanzu sigogin ƙarshe nake ɗauka, in sake auna su da sabon awo mai yawa, in rubuta kuzarin tare da girman rawarsa. Ɓangaren nan kaɗai sai an auna shi kusan sau 13,000 kafin ya sauko 1.6 mHa.

Kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa. Da'irar da aka jera ƙofofin RY da CNOT kawai ba ta san adadin lantarki nawa ke cikin ƙwayarka ba. A HeH+, ƙwayar da aka fara gwada VQE a kanta a 2014, ana son biyu, amma mai gyara sigogi na iya sulalewa zuwa uku don can kuzari ya fi ƙasa. Shi ba ruwansa, gangara yake bi. Haba, auna adadin ai ba ya buƙatar komai sai awon Z da ka riga ka yi! Ni da da'irar UCCSD nake farawa daga Hartree-Fock, don tana riƙe adadin.

In ka ga -1.857 a H2, ka manta ƙara 0.720 na turereniyar cibiyoyin biyu ne. A masu gyara sigogi kuma, BFGS a bar shi ga na'urar kwaikwayo marar rawa. In da rawar awo, SPSA nake sa wa, kimantawa biyu a kowane taki komai yawan sigogi.