Masu tallan sabulu da mai, a kula da kalmar "magani"

Salam yan uwa na Jidda da Makka masu rubuta talla a WhatsApp, dan Allah ku daina sa "yana maganin kyasbi da makero" a kan sabulun habbatus sauda. A nan Saudiyya hukumar kula da abinci da magunguna, wato SFDA, ta raba kayan kwalliya da magani, sabulu ko man shafawa aikinsa wanke fata da laushi da kamshi ne kawai, da zarar kin ce yana warkar da cuta to kin maida shi magani kenan, shi kuma magani sai da rajista, ga tara ga kwace kaya.

Misali an kawo miki man kadanya da zaitun, rubuta "yana tausasa busasshiyar fata, a fara gwadawa a hannu", kuma ki jera abin da ke ciki. Banda "fari cikin kwana 7", wallahi man da ke haska fata da sauri haka yawanci akwai sitiroyid ko makuri ciki, daga baya fata ta yi siriri jijiyoyi su fito. Mafi muni shi ne shayin ganye a ce yana kawar da ciwon suga, wata Hajiya ta ajiye allurarta saboda tallanki fa?