Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta saƙon tunin bashi

A yawancin saƙonnin tuni da ke mutuwa ba amsa, ladabi ne ya yi yawa har ya haɗiye maganar kuɗin. Ladabi wurinsa gaisuwa da yadda aka kira mutum. Tsayuwa kuwa wurinta adadin kuɗi da ranar biya. Idan kowanne ya zauna inda ya dace, saƙo zai fita da mutunci kuma ya kawo kuɗi.

Mu ɗauki misalin ɗan kasuwa a Kantin Kwari da ya ba wata Hajiya mai sayar da kaya a gida turmi 20 na atamfa, kowanne a kan N18,000. Jimilla N360,000. Ta ba da N200,000 nan take, ta ce cikon N160,000 sai ƙarshen wata. Yau kwana goma da wucewar wata, shiru. Ga irin saƙon da aka saba turawa:

“Salam Hajiya, ya gida ya yara? Don Allah ki yi haƙuri na dame ki. Wallahi abubuwa ne suka cakuɗe min, shi ya sa na ce bari in ɗan yi tuni a kan maganar nan, ko da wani abu. Idan babu kuma ba komai.”

Kuskure na farko shi ne ba da haƙuri a kan haƙƙinka. Wanda ya ce “ki yi haƙuri na dame ki” ya riga ya nuna cewa shi ne mai laifi. Sai kuma “idan babu ba komai”, wanda ya rubuta wa Hajiya amsarta da hannunsa. Za ta ce “wallahi babu, amma in sha Allahu”, kuma ba ta yi ƙarya ba, shi ya ba ta ƙofar. A cire duka biyun. Gaisuwa ta isa ladabi.

Na biyu, kunyar ambaton adadi. “Maganar nan” da “ɗan saƙon nan” ba lissafi ba ne. Mai sayar da kaya a gida wataƙila mutum huɗu ko biyar ke bin ta, kuma wanda ya faɗi adadi da rana shi ake fara sallama. “Ko da wani abu” kuwa ya fi komai ɓarna: za a turo N10,000 a ce an rage, sannan bakinka ya mutu na mako biyu, domin wanda ya ba ka jiya da wuya ka sake tambayarsa yau.

Akwai kuma zuba matsalolinka a cikin saƙo, kuɗin makarantar yara, haya, rashin lafiya. Mutane na yin haka don a tausaya musu, amma abin da yake jawowa shi ne bashin ya koma taimako. Taimako kuwa ana yin sa ne idan da hali. Sannan ka buɗe gasar wa ya fi shiga matsi, ita ma ta karanto maka nata, ku rabu da yi wa juna jaje. Dalili ɗaya ne ya cancanci shiga saƙo, shi ne alkawarin da aka yi.

Ga yadda saƙon zai zama bayan gyara:

“Assalamu alaikum Hajiya, barka da yini, ya iyali? Ina tuni ne a kan cikon kuɗin atamfa turmi 20, N160,000, da muka yi za a biya ƙarshen watan jiya. Don Allah a turo zuwa ranar Alhamis. Ga lambar asusun a ƙasa. Na gode, Allah ya ƙara buɗi.”

A lura da “a turo” maimakon “ki turo”. Ga babba, ko wanda ake jin nauyinsa, wannan “a” ɗin tana sassauta umarni ba tare da ta rage masa ƙarfi ba. Haka “da muka yi” ta fi “da kika ce”, domin ta farko tana tuna yarjejeniya, ta biyu tana nuna yatsa. Lambar asusu kuma a tura ta ita kaɗai a saƙo na daban, da sunan banki da sunan mai asusun, don a iya kwafa. “Ban ga lambar ba” tsohon uzuri ne.

Ranar Alhamis ta zo ta wuce. A nan ne mutane ke rabuwa gida biyu, duka a kan kuskure: wasu su sake tura saƙon farko kamar ba a yi komai ba, wasu su yi tsalle zuwa zagi. Saƙo na biyu ya kamata ya fi na farko gajarta, ya ambaci ranar da aka saɓa, ya kuma yi tambayar da “to” ba za ta amsa ba:

“Assalamu alaikum Hajiya. Alhamis ta wuce ban ga alat ba. Idan N160,000 ɗin ba za ta samu a dunƙule ba, a ba da N80,000 ranar Litinin, sauran N80,000 bayan mako biyu. Hakan ya yi, ko wace rana za a saka?”

Raba kuɗi ba rauni ba ne matuƙar kai ka yanka adadin da ranakun. Da shi ake gane wanda ke cikin ƙunci da gaske, wanda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta ce a jinkirta masa, da mai hali da ke jan ƙafa. Na farkon zai amsa da adadi, ko da ƙasa da wanda ka nema. Na biyun zai amsa da addu'a kawai. Idan aka ce “in sha Allahu”, a karɓa da “Allah ya yarda, wace rana ke nan?” Kada kuma a cusa aya ko hadisi a cikin saƙon. Wa'azi daga bakin mai bin bashi gori ake jin sa.

Barazanar da ba za a aikata ba ita ma tana kashe magana. “Zan kai ki wurin 'yan sanda” ta fi yawa, alhali Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Wanda ya san haka dariya zai yi. A faɗi abin da ke hannu: ba za a sake ba da kaya ba sai an biya, ko za a sanar da wanda ya haɗa cinikin, ko za a kai maganar kotu. A faɗe shi sau ɗaya, da rana, kuma ranar ta zo a aikata. Habaici a sitatus ko tona mutum a guruf kuwa yana ba shi abin da yake nema, wato dalilin yin fushi. Daga nan maganar ta tashi daga kuɗi ta koma “ya ci min mutunci”.

Saƙon murya yana da daɗi wajen gaisuwa, kuma dole ne ga wanda ba ya karatu, amma murya tana fallasa ɓacin rai, kuma ba a iya lalubo adadi a cikinta bayan wata uku. Idan an yi magana ta waya, a bi ta da layi ɗaya a rubuce: “Kamar yadda muka yi yanzu, N80,000 ranar Litinin.” A kashe tsarin saƙonni masu gogewa da kansu a WhatsApp, domin wannan rubutun shi ne shaidarka.

Ga mai tura SMS, saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an saka ƙ, ɗ, ɓ ko alamar ₦, sai ya koma 70, saƙon ya rabu gida biyu ko uku. A nan a yi amfani da N da haruffa marasa lanƙwasa. Lokaci kuma, tsakanin hantsi da azahar ya fi, sa'ad da mutum ke kan ciniki da kuɗi a hannu. Saƙon sha ɗayan dare, balle ga matar aure, wata fitinar yake tayarwa. Idan kuma an ji an yi rasuwa a gidan, a tura ta'aziyya ita kaɗai, a bar tuni sai bayan sadakar bakwai.