Darasi na 7: Tsaya wa Mai Bashi da Yadda Ake Fita Daga Lamuni

Wani tela ya je Kantin Kwari zai karɓi bashin shadda ta naira 200,000, a biya cikin wata uku. Alhaji mai shago ya ce sai ya kawo wanda zai tsaya masa. Sai ya zo da yayansa.

Idan yayan ya ce, "Alhaji, ba shi, in bai biya ba ni zan biya," wannan lamuni ne. Bashin na kan tela, yayan yana bayansa ne kawai, ba a taɓa shi sai ƙanen ya kasa. In kuma ya bayyana cewa tun asali bashin bai inganta ba, lamunin ma ya faɗi.

Amma idan ya ce, "Ba shi, kuɗinka na wuyana ko me ya faru," to ya ɗauki nauyin asara ne. Nan alkawarinsa na tsaye da ƙafarsa. Ko an rasa hanyar kama tela a shari'a, shi za a kama. Wannan ya fi nauyi sosai, kuma mutane kan furta shi don kara, ba su san abin da suka ɗauka ba.

A dokar da Najeriya ta gada daga Ingila, mai asali tun 1677, kotu ba ta tilasta lamuni sai da rubutu da sa hannun mai lamunin. Ɗaukar nauyin asara kuwa, ko da baki aka yi, yana ɗaure mutum.

To yaya mai lamuni ke fita? In an biya bashin, ko Alhaji ya yafe wa tela, magana ta ƙare. Haka in tela ya ajiye kekensa na ɗinki jingina, Alhaji ya mayar masa ba da sanin yayan ba, an sauke wa yayan aƙalla gwargwadon darajar keken.

Wadda aka fi mantawa ita ce sauya yarjejeniya a bayan idonsa. A ce Alhaji da tela sun ƙulla sabon wa'adi na wata shida, ba su nemi yardar yayan ba. Ya fita, domin ba wannan ya tsaya wa ba. A 1878 kotun Ingila ta saki wani da ya tsaya wa mai hayar gona da tumaki 700, don kawai mai gonar ya karɓe wani ɗan fili ya rage kuɗin haya bai shaida masa ba. Sai dai a lura: Alhaji ya yi shiru bai matsa wa tela ba, wannan haƙuri ne, ba sabon wa'adi ba, lamuni na nan.

Takardun banki sukan toshe waɗannan ƙofofi, su rubuta cewa ka yarda a ƙara wa'adi ba tare da an tuntuɓe ka ba. Kafin ka dangwala yatsa, sa a karanta maka, ka tambaya: naira nawa ne iyakar abin da na tsaya wa, kuma zuwa yaushe?