Ja layi ɗaya a hoton titi kafin ka fara ƙirga motoci

Idan kana ƙirga motoci da kyamara, kada ka ƙirga akwatunan da YOLO, tsarin gano abubuwa a hoto, ke zanawa a kan motocin. Ja layi a tsakiyar hoton, ka ƙirga mota sai lambar da kwamfuta ta ba ta ta tsallake layin.

Dalili kuwa, bidiyo mai hoto 30 a daƙiƙa zai nuna maka mota guda sau 90 cikin daƙiƙa 3. Tsarin bin sawu na ByteTrack ne zai ba ta lamba ɗaya, ya bi ta daga hoto zuwa hoto.

Inda dabarar ke ba ni matsala shi ne cunkoso. Tirela ta kare Keke Napep, ya ɓace, ya dawo da sabuwar lamba. In a kan layin abin ya faru, sai lissafi ya ruɗe. Ɗaga kyamarar sama, ka sa layin nesa da inda motoci ke tsayawa.