Dokar hana acaba a Legas: kalmar labari daban, ta sharhi daban

Wani yaro mai koyon aikin jarida a Agege ya kawo mini labarin da ya rubuta kan dokar hana acaba, wadda ta fara aiki ran 1 ga Yuni, 2022. Jimlarsa ta farko ita ce: "Gwamnati ta wawushe baburan bayin Allah, wai don tsaro." Na ce masa, ƙanena, wannan sharhi ne ka sa wa rigar labari.

Babban kuskuren yana cikin aikatau. "Wawushe" da "ƙwace" sun riga sun yanke hukuncin cewa zalunci aka yi, tun mai karatu bai ji komai ba. A labari "kama" ake cewa: jami'ai sun kama babura. Haka "bayin Allah", kalmar tausayi ce. Ni ma ina tausaya musu, da yawansu 'yan uwanmu ne da suka baro Arewa neman halali, amma a labari sunansu 'yan acaba.

Sai "wai", wadda ta fi kowace kalma yi wa marubutanmu illa saboda ƙanƙantarta. Idan ka rubuta "wai don tsaro", ka taɓe baki ke nan a gaban mai karatu. Danginta su ne "har", "kawai" da "ko kunya babu". "Ya yi iƙirari" ma shakka take jefawa, "ya amsa cewa" kuma tana nuna da ma akwai laifin da ake ɓoyewa. "Ya ce" ita ce ba ta da ɓangare, kuma kada ka ji nauyin maimaita ta sau biyar.

Ga yadda muka gyara: "Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya hana acaba a ƙananan hukumomi 6, wato Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland. Gwamnati ta ce dalilinta tsaro ne da yawan haɗurra." Daga nan sai a ji ta bakin 'yan acaban, su ma da "sun ce". Gwajin da nake yi shi ne in karanta jimlar, in tambayi kaina ko jami'in da ya yi kamen da mai babur ɗin duka za su yarda haka aka yi.

Masu sharhi kuwa kuskurensu akasin wannan ne, wato ɓuya bayan "ana ganin" da "jama'a na cewa". Filinka ne, rubuta "a ganina an toshe wa dubban magidanta hanyar abinci", ka kawo hujjarka. Zafin kalma halal ne a gare ka, amma adadi da rana ba sa canzawa. Yaron ya so ya rubuta "duk faɗin Legas" a sharhinsa don maganar ta yi nauyi, na hana shi, domin ƙananan hukumomi 6 ne a watan Yuni, sai a watan Satumba aka ƙara Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu.