Darasi na Tara: Ribar Gwal, Haraji da Takardar Saye

A gidajenmu da yawa gwal shi ne asusun mace. Ta tara kuɗin adashi ta sayi ɗan kunne, wata shekara ta ƙara awarwaro, ga kuma sarƙar da aka sa mata a lefe. Ranar da buƙata ta taso, ko auren ɗiya, ko rashin lafiya, ko sayen fili, sai ta ɗauko ta kai kasuwa. Wannan darasi a kan wannan rana yake. Za mu koyi yadda ake gane ribar da aka ci, da yadda gwamnatin Najeriya ke lissafa harajinta, da dalilin da ya sa ƙaramar takardar da mai shago ya ba ku ranar saye ta fi ƙarfin a yar da ita a ƙasan jaka.

Riba daban, kuɗin sayarwa daban

Abu na farko da za ku riƙe shi ne, ba a kan dukan kuɗin da aka ƙirga muku ake cire haraji ba. A kan riba ake cirewa. Idan kun sayar da gwal, kuɗin da kuka karɓa kashi biyu ne a haɗe: akwai uwar kuɗinku da ta dawo, akwai kuma abin da ya hau kanta. Don a raba su, sai a ɗauki kuɗin sayarwa, a cire kuɗin da kuka saya, a kuma cire abin da kuka kashe wajen cinikin kansa, kamar la'adar dillaliya. Abin da ya rage shi ne riba. Idan babu abin da ya rage, ko ma faɗuwa kuka yi, to babu ribar da za a yi wa haraji.

Matuƙar gwal na cikin akwati, ko da farashinsa ya ninka sau uku, wannan haraji bai hau kansa ba. Sai ranar da ya bar hannunku. A nan ne ya sha bamban da zakka, kuma ɗalibai kan haɗa su. Zakka ana fitar da ita ne daga dukiyar da ta kai nisabi, shekara ta zagayo a kanta, kashi 2.5 cikin ɗari, ko an sayar ko ba a sayar ba, kuma hukuncin kayan adon da ake sawa sai a tambayi malamai. Haraji kuwa na hukuma ne, kuma biyan ɗaya ba ya ɗauke ɗayan.

Abin da doka ta tanada

Shekaru da yawa harajin ribar kadara a Najeriya kashi 10 cikin ɗari ne. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta canza wannan. Yanzu ana haɗa ribar da sauran abin da mutum ya samu a shekarar, a yi masa lissafi hawa-hawa. Naira 800,000 na farko babu haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye musu ana cire kashi 15 cikin ɗari. Miliyan 9 da ke gaba kashi 18, a haka yake hawa har zuwa kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. Mutum yana biya ne ga hukumar tara haraji ta jihar da yake zaune, kuma ana bayyana abin da aka samu a shekarar da ta wuce kafin ƙarshen watan Maris.

Akwai sassauci ga kayan amfanin kai. Idan jimillar kuɗin da kuka sayar da irin waɗannan kaya a shekara ɗaya bai wuce naira miliyan 5 ba, ribar ba ta shiga haraji. Ku lura da kyau: kuɗin sayarwa ake dubawa a nan, ba riba ba. Don haka matar da ta sayar da zobe ɗaya don biyan kuɗin makaranta ba ta da abin damuwa. Amma yadda gwal ya yi tsada a yanzu, saitin sarƙa mai nauyi da awarwaro na iya tsallake wannan iyaka ba tare da mai shi ta ankara ba. Wanda ya sayi dunƙulen gwal don ajiya kawai, ya je ofishin haraji ya tambaya kafin ya dogara da wannan sassauci. Shi kuwa ɗan kasuwar da saye da sayar da gwal ne sana'arsa, ribarsa ribar kasuwanci ce, ana lissafa ta daga littafin shago.

Mu yi lissafi tare

A ce wata mata ta sayi saitin gwal mai karat 21, nauyinsa giram 40, a kan naira 50,000 kowane giram. Lambobin na koyon lissafi ne, ba farashin kasuwar yau ba. Giram 40 sau 50,000 ya ba mu naira miliyan 2. Bayan wasu shekaru ta sayar da shi a kan naira 170,000 kowane giram, ta karɓi miliyan 6.8, ta ba dillaliya la'adar naira 100,000. Kuɗin ya wuce miliyan 5, saboda haka sassaucin bai shafe ta ba. A ce kuma ba ta da wani samu a wannan shekara.

Daga miliyan 6.8 a cire miliyan 2 na saye, a cire 100,000 na la'ada. Riba ta zama miliyan 4.7. Naira 800,000 na farko sun wuce kyauta. Miliyan 2.2 na gaba, kashi 15 cikin ɗarinsu naira 330,000 ne. Saura miliyan 1.7, kashi 18 cikin ɗarinsu naira 306,000 ne. Harajinta duka naira 636,000.

Yanzu a ce rasit ɗin ya ɓace. Ta rantse ta saya miliyan 2, kuma gaskiya ta faɗa, amma ma'aikacin haraji da takarda yake aiki. Yana da ikon ƙin karɓar kuɗin da babu shaidarsa, ya yi nasa ƙiyasin. Idan abin ya yi muni aka ƙi cire kuɗin sayen gaba ɗaya, sai a ɗauki ribarta miliyan 6.7. Kashin farko da na biyu ba su canza ba, amma abin da ya faɗa hawan kashi 18 ya zama miliyan 3.7, wato naira 666,000. Jimilla naira 996,000. Bambancin naira 360,000 ne, kuma a kan uwar kuɗinta ta biya shi, kuɗin da ta tara da guminta. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk darasin nan, domin asara ce da takarda ɗaya za ta hana.

Abin da ya kamata takardar ta ƙunsa

Rasit ɗin da aka rubuta "gwal, miliyan 2" kawai bai cika ba. Kafin ku bar shago, ku duba akwai ranar saye, da sunan shagon da inda yake, da sunanku. A rubuta irin kayan, sarƙa ce ko awarwaro, da nauyinsu a giram, da karat ɗinsu, da farashin giram ɗaya. Idan an caje ku kuɗin aikin ƙira daban, shi ma a rubuta, domin yana cikin abin da kuka kashe. Sau da yawa akwai ƙaramar lamba a jikin gwal ɗin, kusa da maƙulli ko a cikin zobe: 750 na nufin karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22, 999 kuma karat 24. Ku tabbata abin da ke jikin kayan ya yi daidai da abin da ke takarda. Idan da duwatsu a jiki, a rubuta nauyin gwal ɗin shi kaɗai, don mai saye zai cire nauyin duwatsun ranar sayarwa.

Rasit ɗin da inji ke fitarwa, mai santsi, rubutunsa na gogewa da zafi da daɗewa, har ya koma fari fat. Ku yi masa kwafi a ranar, ku kuma ɗauke shi a waya tare da kayan a kan sikeli. Idan ta banki kuka biya, ku ajiye shaidar tura kuɗin. Wanda ya sayo a Saudiyya ko Dubai, ya rubuta a bayan takardar nawa aka canza riyal ko dirhami a ranar, don a iya mayar da kuɗin naira.

Ku sayi ƙaramin littafi, kowane kaya da shafinsa da lambarsa. Amfanin haka na fitowa ne ga wadda ta sayi awarwaro shida a shekaru daban-daban, kowanne da farashinsa, ta zo ta sayar da biyu. Sai an san waɗanne biyun ne kafin a san ribar.

Inda ake yawan mantuwa

Gwal ɗin lefe, da na kyauta, da na gado ba su zuwa da rasit a hannun mai su. Idan za a iya samun na asali daga wanda ya saya, a karɓa a ajiye. Idan babu, a kai kayan wurin mai gwal ya auna, ya rubuta nauyi da karat da ƙimarsu a ranar, ya sa hannu, shaidu biyu su sa. Na gado kuwa a haɗa da takardar rabon gado, musamman idan a kotu aka raba.

Musanya ma mutane ba sa ɗaukar ta a matsayin sayarwa. Kin kai tsohuwar sarƙa, kin cika kuɗi, an ba ki sabon yayi. A idon doka kin rabu da tsohuwar a kan ƙimar da aka yi mata, kin sayi sabuwa. Ki sa mai shago ya rubuta duka biyun: nawa ya ƙimanta tsohuwar, nawa kika cika. Haɗin waɗannan biyu shi ne kuɗin sayen sabuwar idan ranar sayar da ita ta zo.

Ranar sayarwa ma ku karɓi takarda daga mai saye, ku haɗa ta da ta saye, ku ajiye su aƙalla shekara shida bayan cinikin. Takardar saye na da wani amfani tun kafin a kai ga haraji: mai shagon kirki kan so ya tabbatar kayan ba na sata ba ne, kuma wadda ta zo da rasit ba ta shan tambayoyi.

Aikin gida

1. Wani mutum ya sayi gwal giram 30 a kan naira 80,000 kowane giram, ya sayar a kan naira 180,000 kowane giram, ya biya la'adar naira 60,000. Nawa ya karɓa? Ya wuce iyakar miliyan 5 ko bai wuce ba? Nawa ce ribarsa?

2. Idan ba shi da wani samu a shekarar, nawa ne harajinsa?

3. Ku ɗauko wani kayan gwal ko azurfa da ke gidanku, ku nemi lambar da ke jikinsa, ku buɗe masa shafi a littafi da ranar saye, nauyi, karat da farashi. Ku zo da littafin aji mai zuwa, ba kayan ba.